Ta Ci "Idan" Ɗin Maigida

Anti, ki taimake ni kafin Alhamis, zuciyata na neman kai ni inda ba na so.

Shekara tara ina akawu a wani kamfanin rarraba kaya. Da, ni ke zama gefen maigida a taro. Bara aka kawo wata, Mai Turare muke ce mata, aka ba ta kujerata. Yanzu ita ke rubuta bayani a ɗakin taro, ni kuma a miƙo mini rikoda da daftarinta, in koma kusa da injin kwafi, in saurara, in matse awa biyu cikin shafi uku. Yabo nata, ciwon kunne nawa.

Jiya, a minti na arba'in da bakwai na rikodar, na ji maigida ya ce idan rahoton injiniya ya tabbatar rufin ya lalace, za a rufe ƙaramin sito. Sau uku ina mayarwa baya. Daftarinta kuwa cewa ya yi shugaba ya yanke a rufe sito. Ta jefar da sharaɗin gaba ɗaya! Mutum shida ke cin abinci a wurin, rahoton ma bai zo ba. Ranar Alhamis za a karanta bayanin, a amince, maigida ya sa hannu, kuma shi ba ya karanta abin da ya wuce shafin farko.

Anti, wallahi daɗi na ji. Har yanzu ban gyara ba. So nake a sa hannu, magana ta fashe, sannan in fito da rikodar. Kishi ne, na sani. Amma laifina ne?

Mai Ciwon Kunne

'Yar'uwa, an ɗauke miki kujera ba tare da bayani ba, dole ya yi zafi, kuma kuskurenta ba ƙarami ba ne. Sai dai ita a guje take rubutu, mutane na katse juna. Don haka ne ma aka ba ki rikodar. Ranar da kika kunna ta, tambayar farko ba Mai Turare za a yi wa ba. Ke za a tambaya yaushe kika ji.

Yau ɗin nan ki mayar da sharaɗin, ki rubuta mintin a gefe, ki kunna mata wurin a rikodar, ku biyu kaɗai. Ki kai wa maigida gyararren daftari da alama a kan layin, ba ƙari, ba gori. Maganar kujera ki nemi wata rana ki faɗa masa kai tsaye.

Mutum shidan nan ba su ɗauke miki komai ba, kada ki rama da abincinsu. Allah ya sanyaya miki zuciya, ya sauwaƙe kunnen.