Layi Huɗu na Auta

Auta,

Salamu alaikum, ya aiki? Bari in tafi kai tsaye, don raina a ɓace yake. An ce Mai Takarda ya amsa miki imel ɗin ta'aziyyar yayarsa. Ni fa shiru. Ni da na fara sayen takarda a wajensa tun maɗaba'armu tana da inji ɗaya, ke kina makaranta! Shafi guda cur na rubuta masa. Me kika ce masa da ya fi nawa? Turo min in gani.

Yayanki

*

Yaya,

Wa alaikumus salam, ina gaisuwa. Ga shi, daga adireshina na aika, ba na ofis ba:

"Take: Ta'aziyya.
Ranka ya daɗe, yanzu na ji rasuwar Yaya Babba. Allah ya jiƙanta, ya ba ku haƙuri. Ban manta ranar da ta tsare ni a shagonka har ruwa ya ɗan ragu, ta ba ni lemarta ba. Duk abin da ke tsakaninmu na aiki zai jira. Ba sai ka amsa ba."

Shi ke nan. A gaida su Anti.

Ƙanwarka

*

Auta,

Sannu da ƙoƙari. Wannan ɗan guntun abin? Lema! Ni na san matar nan kafin ki san hanyar shagon. Ita ta raine shi, ita ta sa ya fara ba ni kaya kan amana. Wallahi kishi nake ji, ba zan ɓoye miki ba. Yau an ƙwace min aboki da lema.

Yayanki

*

Yaya,

Ina gaisuwa, kuma ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Naka ya shigo min, domin ka sa duk ma'aikata a kwafi. A kan tsohon saƙonku ka danna amsa, sai taken ya fito: "Takardarmu ta makara, karo na biyu." A ƙasa kuma ga tambarin kamfani da tallan ragin kalanda. Mutumin da ya dawo daga maƙabarta zai buɗe wannan? Kuma a duk shafin ba ka ambace ta ba, wa'azi ka yi masa. Abin da ka gaya min a kanta, shi za ka gaya wa. Buɗe sabon saƙo, ka aika masa shi kaɗai.

Ƙanwarka

*

Auta,

Barka da yamma. Na rubuta, layi uku, na cire tambarin. Ya amsa: "Na yi ta jiranka. Ka zo gida gobe. Ka taho da Auta."

Ni kaɗai ban ishe shi ba ke nan? To. Ki shirya da wuri, zan biyo miki. Amma ni zan fara shiga.

Yayanki