Ka Cire Maganar Tafkin Nan

Umaru, kada ka buga labarin nan sai ka ji ni. Ina gaisuwa. Yaya jiki, yaya iyali? Mu a Gwandu lafiya lau.

Ka kyauta da ka guje wa ba da labarin haɗuwar yayarka da mijinta a bakin rijiya da sulhun ranar biki. Amma sunaye kawai ka sauya. Ka bar a ciki maganar tafkin da ya raba gidanmu da surukanta na Kalgo, har da zagin da kakanka ya yi musu, "masu homar aro". Kowa zai gane ita ce. Da ƙyar suka karɓe ta, ina tsoron su koro ta da goyo.

Ka ƙago wata rigimar. Ka sa ta a addu'a, ka gaida matarka. Daga yau, maganar cikin gidan nan ba ta shiga littafi.

Mahaifiyarka