Wa Ya Kai Maganar Indabo?

Assalamu alaikum, Yaya Habibu.

Ina fata kana lafiya. Ya Umma da ƙafar tata? Ya Anti Rabi da yara, ya mutan Wudil? Ni ma lafiya lau nake nan Alƙahira.

Yaya, wani abu ya tsaya min a rai. A guruf ɗin dangi na rubuta cewa ba zan zo hutu ba saboda karatun bazara. Ban yi ƙarya ba, kawai dai ban faɗi dalili ba. Dalilin a sitatus na sa shi: na faɗi kwas ɗaya, zan sake jarrabawarsa kafin sabon zango, idan na ci zan wuce tare da 'yan ajinmu. Na saita shi yadda kai da Umma kaɗai za ku gani.

Jiya sai ga kiran Kawu Sale daga Indabo. Ya ce, “Zainabu, ashe an kore ki? Ki dawo gida, ba abin kunya ba ne.” Na ce, “Kawu, wa ya faɗa maka?” Sai ya turo min hoton rubutun nawa. Da wata wayar aka ɗauki fuskar waya, an yanke layin ƙarshe, kuma gilashin a tsage yake ta kusurwa kamar naka.

Ban ce kai ne ba, Yaya. Amma wa ke taɓa wayarka? Kafin ka gano, Umma kaɗai zan riƙa kira.

Ku sa ni a addu'a. A gaida kowa, har Kawu.

Ƙanwarka,
Zainab