Hoton tsohuwar rijiya

Dumega, daren Laraba, bayan girbi

Na goge sitatin da na ɗora a waya da safe, tun bai cika kwanansa guda ba.

Hoton tsohuwar rijiyar unguwarmu ne. Na rubuta a ƙasansa: "Bayan shekaru a Turai, ga ni gida. Garina na nan yadda na bar shi, Alhamdu lillahi." Abokaina na can suka yi ta turo zukata. Na ji daɗi, har ina leƙa sunayen waɗanda suka kalla.

Da la'asar Yaya Hadiza ta tura mini wayarta a gaba.

Ta ce, "Sani, mi ke nan? Wa ka gani yana ɗibar ruwa a rijiyar nan? Mu mata muka yi ta zarya a mairi, ofishin magajin gari, har aka kafa mana famfo mai sola. Kai kana can, mu barci muke yi?"

Da safen, sai da na matsa gefe kafin in ɗauki rijiyar, don kada tankin famfon ya shigo hoton. Garin da nake kewa na ɗauka, ba wanda suke ciki ba.

Na ce gobe zan ɗauke ta hoto a bakin famfo. Ta ce in taho da jarka.