A Taya Mu Neman Sunan Ƙungiyar Manomanmu

Zuwa ga yayata Hajiya Hafiza,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ku lafiya a Ibadan, ke da maigidanki Alhaji Mas'ud da yara. Mu nan Faskari da sauƙi. Ƙafar Goggo ta sabe, amma har yanzu ba ta saba da ɗakin haya ba, kullum tambayarta yaushe za mu koma Tungar Mani. Na daina ba ta amsa.

Yaya, taimako nake nema, kuma ba na kuɗi ba ne. Kin san samarin da na koyar a firamaren garinmu, waɗanda muka gudo tare bara. Wani bawan Allah ya ba mu aron gona a bakin gari, sai na tara su da wasu dattawa, mu goma sha biyu, don mu kafa ƙungiyar gama kai ta manoma. Taki da irin da ake rabawa kafin damina ƙungiya mai rajista ake ba, ba mutum ɗaya ba. Mun yi taron farko, mun zaɓi shugaba da sakatare da ma'aji, na rubuta dokoki da bayanin taron, kowa ya dangwala yatsa. Layin suna kawai ya rage. Jami'in gama kai ya ce mu kawo sunaye uku bi da bi, in an riga mu na farko a duba na biyu. Sunan da aka amince da shi ne zai hau satifiket da hatimi, da shi kuma za a buɗe asusun banki. In jami'in bai karɓi sunayen ba nan da Alhamis ta sama, takardarmu ba za ta fito kafin rabon ba.

Da ma kowace ƙungiya sunan garinta take ɗauka, mu ma haka muka rubuta da farko. Jami'in ya yi mana bayani cikin mutunci cewa dole ya je ya ga mazaunin ƙungiya da idonsa, ya kuma tambaye ni wa zai tarar a Tungar Mani. Ba kowa, Yaya, ko kaza. Saboda haka sharaɗi na farko, ban da sunan garinmu. Na biyu, ban da duk abin da ke ƙanshin dukiya, irin su Arziki da Wadata da Rumbu, domin masu kai wa 'yan bindiga rahoto suna karanta allon sunan ƙungiya, kuma ma'ajinmu Gide ya rantse ranar da aka kafa irin wannan allon zai ajiye muƙamin, ya ce shi ko akuya ba ya da ita da za a fanshe shi. Kada ya zama sunan mutum, don kada a ɗauka shi ne mai kuɗin, kada kuma ya yi kama da taken wata jam'iyya. Alheri da Nagarta da Haɗin Kai duk an riga mu. A samo gajere, kalma biyu ko uku da za su shiga hatimi, wanda Goggo za ta iya faɗa ba tare da ta yi tuntuɓe ba.

Wani yaro ya kawo shawarar mu sa 'Yan Gudun Hijira, wai za a fi tausaya mana. Baba Mamuda, dattijonmu, ya miƙe ya ce shekara hamsin yana ciyar da baƙi da dawarsa, ba zai dangwala yatsa a ƙarƙashin wannan suna ba ko da za a ba shi tirelar taki. Taro uku ke nan muna watsewa hannu banza. Ni da na raɗa wa ɗaliban aji sunayen ƙungiyoyin wasa ba iyaka, yau kaina ya toshe. Samarin kuma sun fara maganar tafiya haƙar zinariya, ba na kuma ganin laifinsu.

Don Allah ki karanta wa Alhaji wannan, da abokina Salim da sauran 'yan garinmu na can unguwar Sabo. Kowa ya kawo abin da ya zo masa, ki turo ta wayar Gide kafin Laraba. Ba na ce miki takin zai iso gare mu ko da an yi rajistar ba, ban ma tabbata za a bar mu mu girbe ba. In Laraba ta wuce ban ji daga gare ku ba, zan cike layukan uku da Tungar Mani. Na san za a dawo mana da takardar, amma dai jami'in zai karanta sunan garinmu sau uku kafin ya miƙo ta.

Ki gaishe min da Alhaji, da Nana Khadija da ƙannenta. Goggo na gaishe ku, ta ce a sa mu a addu'a. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙaninki,
Abdulganiyu