Sunan Da Uwa Za Ta Iya Kira

Bukkuyum,
9 ga Yuni, 2003.

Zuwa ga Yayata Turai,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara, da duk mutanen Kontagora. Inna tana nan wurina tun da na sauka, tana gaishe ki.

Na san direban da ya kai miki labari ya ce namiji ne, ya tsaya nan. Sauran ni zan faɗa miki. Yaya, hannunsa na hagu bai kai ƙarshe ba. Ya tsaya a wuyan hannu, babu tafi, babu yatsu. Ban da wannan lafiyarsa lau, tsotso kuwa kamar wanda ya yi azumi. Mata suna zuwa barka, su ce tubarkalla, idonsu na kan zanen da na lulluɓe shi da shi. Har na ji wata a tsakar gida tana cewa "ɗan dungun", ta ɗauka barci nake.

Wannan duk zan iya haɗiyewa. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne Baba, mahaifin maigidana. Kin san tun ina da cikin 'yar farina aka yi magana, duk ranar da aka sami namiji a ɗakina sunan Baba za a mayar. Da maigida ya kai masa yaron don huɗuba, Baba ya kwance zanen, ya riƙe hannun nan ya daɗe yana kallo. Ya yi masa kiran salla a kunnen dama, iƙama a na hagu, ya raɗa masa wani suna da ba wanda ya ji. Sannan ya ce kada a sa masa sunansa, a bari sai ranar suna. Kin san Baba, in ya ce "to" ya gama hirar yini, shi kuma ɗansa ba ya iya tambayarsa dalili.

Ni dai abin da na fahimta, ba ya son a jingina sunansa ga nakasasshe. Na yi kuka har Inna ta yi mini faɗa, wai zan ɓata ruwan nono. Na riga na gaya mata, in aka yi suna ranar Juma'a na tabbatar haka ne, zan bi ta mu koma gida Gummi in ƙarasa wanka can, dawowa kuwa sai abin da Allah ya yi. Ba zan rena ɗana a gidan da ake jin kunyarsa ba.

Ki sa mu a addu'a. Ki gaida kowa.

Ƙanwarki,
Jannatu.

Bukkuyum,
16 ga Yuni, 2003.

Zuwa ga Yayata Turai,

Assalamu alaikum. Ina fatan wannan takarda ta same ku cikin ƙoshin lafiya kamar yadda muke. Atamfar da kika aiko ta iso, Allah ya saka da alheri. Waccan takardar tawa kuwa, don Allah ki hura wuta da ita.

An yi suna. Bayan sallar asuba maza suka cika ƙofar gida, an shimfiɗa tabarmi, rago yana ɗaure a gindin darbejiya, goro da dabino a faranti. Kin san yadda aka saba: uba ya raɗa wa liman suna, a yanka rago, liman ya faɗa, a yi addu'a a shafa, maroƙi ya ɗaga murya don mata su ji. Ina ɗaki na haɗa kayana a buhu, sai unguwarzoma ta shigo ta ce Baba ya ce a kawo yaron waje tun kafin wanzami, ni kuma in zo bayan ƙofar zaure in tsaya. Na tafi, Inna na biye da ni.

Ta kafar ƙyaure na ga Baba da kansa ya duƙa ya raɗa wa Malam Ɗahiru, limamin unguwarmu. Aka kayar da rago aka yanka da bismilla. Liman ya ce an raɗa wa yaro suna Muhammadu Kamilu. Kafin a ɗaga hannu, Baba ya nemi izini ya miƙe. Mutumin da ban taɓa jin ya haɗa magana uku a jere ba. Ya karɓi yaron, ya yaye zanen da na kwana ina gyarawa, ya ɗaga hannun hagun kowa ya gani. Zan rubuta miki maganar yadda ta fito, don ta zauna mini a kai:

"Jama'a, ga baƙonmu. Barka da zuwa, Kamilu. Mun gode ma Allah da ya aiko muna kai, ka iske gida, ka iske dangi. Na tambayi Malam, Kamilu da Larabci shi ne cikakke, wanda ba a rage mai komi ba. Cikar da babu aibi ta Allah ce shi kaɗai, amma abin da yay yi niyyar ba yaron ga ya ba shi duka, bai mance komi ba. Kun san an so a sa mai sunana. In anka sa, uwatai ba ta iya kiran shi, ubanai ba ya iyawa, duk gidan ga sai a sakaya. Inda anka sakaya kuwa, gari ka raɗa nashi, kuma na san abin da gari za ya duba. Shi ya sa na zaɓa mai sunan da uwatai za ta kira da ƙarfi, tun daga ɗaki har bakin kasuwa. Wanda duk yak kira shi da wani abu, da ni yake."

Iyakarta ke nan, ya zauna. Liman ya gyara murya ya ja addu'a, Allah ya raya shi, ya sa mahaddacin Alƙur'ani ne mai jin ƙan iyaye. Aka shafa, aka raba goro. Tanko maroƙi ya kwarara sunan, guɗa ta tashi a cikin gida, kuma wadda ta fi kowa tsawon guɗa ita ce mai maganar dungun nan. Wanzami ya yi aski, yaron ya tsala kuka, ni ma ina taya shi a bayan ƙyaure.

Yaya, dubi fa. Ni da na haife shi, tunanina bai wuce ranar suna ba. Wannan tsoho da ya ƙare rayuwarsa tsakanin gona da masallaci, shi ya hango yaron yana wasa a ƙofar gida, yana makarantar allo, yara suna neman abin da za su kira shi. Ya haƙura da takwara, abin da ya daɗe yana jira, ban kuma san ko Allah zai sake ba ni namiji yana raye ba. Wallahi ban taɓa ganin girman mutum kamar na ranar nan ba. Inna ta zungure ni ta ce in je in kwance buhuna tun ba a gani ba.

Da yamma, bayan mata sun watse, na je na durƙusa na yi masa godiya. Na tsara magana mai tsawo, ya ce "to", ya miƙo mini goro. Ya koma yadda yake.

Kin san 'yar farina ban taɓa kiran sunanta ba, haka maigida, haka Baba. Jiya da hantsi yaron ya farka ina bakin murhu, ban san lokacin da na ɗaga murya na ce "Kamilu, ga ni nan" ba. Baba yana zaure yana gyaran fartanya. Na ji ya dakata, sannan ya ci gaba.

Ki gaida maigidanki da yara. In kin zo arba'in ki kira shi da bakinki.

Ƙanwarki,
Jannatu, uwar Kamilu.