Takardar Neman Auren Kamilu Ta Dawo

Sabo, Ibadan.

Zuwa ga yayana Manniru,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da girmamawa, da fatan kana lafiya kai da iyali, Allah ya ƙara sauƙin ƙafar nan. Mu ma da sauƙi, sai dai gidan Yaya Mansir ba daɗi, dalilin wasiƙata ke nan.

Ka san ɗansa Kamilu shekara uku yana neman Muhibbat, Bayarabiyar nan ta unguwar Mokola, 'yar gidan musulunci da mutunci. Su a wurinsu goro da baki ba sa isa, sai dangin namiji sun rubuta takardar neman aure. Iyayen yaro ke rubuta wa iyayen yarinya, a faɗi sunansa da asalinsa, su sa hannu. A naɗe ta da ƙyalle kamar kyauta, a miƙa a gaban dangi, ƙanwar amarya ta karanta da ƙarfi, sannan su miƙo takardar amincewa.

Kamilu ya yi wa ubansa wannan bayani har sau biyu. Ka san taurin kan ɗan'uwanka. Ya ce shi ba zai nema wa ɗan farinsa aure da hannunsa ba, saboda kunya, aikin baffanni ne. Ni ma, Allah ya yafe mini, na goya masa baya. Ƙaninmu Safiyanu ya sa hannu, ni na naɗe, muka tafi ba uwa ba uba.

Ƙanwar amarya ta karanta takardar har ƙarshe. Mahaifin Muhibbat ya tambaya ko uban yaron ya rasu ne. Aka ce yana nan Sabo lafiya lau. Ya ce to ba zai kai 'yarsa gidan da mai gidan ya ƙi sa mata hannu ba. Safiyanu ya yi ta bayanin cewa a wurinmu kara ce, ba ƙiyayya ba, amma takardar amincewar da ke kan tebur a naɗe, a gabanmu aka mayar da ita ɗaki. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Sai da Yaya Mansir ya yi wata biyu yana cewa an raina shi kafin ya sauko. Ya sa hannu a sabuwa, ya kai da ƙafarsa. Suka ba shi ruwa, suka dawo masa da ita ko ƙyallen ba a kwance ba, wai dangi sun riga sun yanke magana.

Jiya Kamilu ya hau mota a tashar Ojoo, ya ce mini wurinka zai zo Kano. Bai yi wa ubansa sallama ba. Don Allah idan ya iso kada ka yi masa faɗa, mu muka yi masa wannan.

Ka gaida Zakiyya da Hanzala da sauran yara.

Ƙanwarka,
Saude